Kunne Ya Zauna, Ido Ya Tashi: Wace Hira Ce Ta Cancanci a Tsakuro?

A watan Fabrairun 2025 kamfanin YouTube ya sanar da cewa sama da mutum biliyan ɗaya ne ke kallon shirye-shiryen fodkas a dandalinsa duk wata. Fodkas da aka sani da murya zalla, mutum biyu ko uku gaban makirfo, yanzu ya koma gaban kyamara. Hira ɗaya sai ta fita ta ƙofa biyu: murya ta tafi Apple Podcasts da Spotify, bidiyo ya hau YouTube. Akwai kuma ƙofa ta uku wadda sau da yawa ta fi sauran cunkoso, wato gajerun tsakure na daƙiƙa arba'in ko minti biyu da ke yawo a TikTok da Instagram da Facebook. Ko lokacin da cikakken shirin Joe Rogan ya koma Spotify kaɗai a ƙarshen 2020, tsakurensa bai daina fita a YouTube ba, domin ta nan sababbin mutane ke cin karo da shi. Mai bibiyar hirarrakin Hadiza Gabon ma ya san haka: da yawa sun fara ganin guntun hirar ne a waya kafin su je neman cikakkiyarta.

Matsalar ita ce tsakure aiki ne. Sai an sake kallon hirar, a yanke, a mayar da hoton a tsaye yadda zai cika fuskar waya, a rubuta abin da ake faɗa a ƙasa. Shirin da ke da edita ɗaya ba zai iya yi wa kowace fitowa haka ba. Dole a zaɓa. Yawancin masu shiri suna zaɓa ne da ɗayan abu biyu: fitowar da ta fi yawan masu kallo, ko wurin da mai gabatarwa ya fi jin daɗi lokacin ɗauka. Duka biyun suna yaudara. Yawan masu kallo sunan baƙo da hoton bango ne ke kawo shi, bai faɗi komai a kan abin da ya faru a minti na ashirin ba. Jin daɗin mai gabatarwa kuwa na wanda ya san duk abin da aka faɗa kafin wurin ne, alhali mai kallon tsakure bai san komai ba.

Akwai shaidar da ta fi waɗannan, kuma kyauta take. Manyan dandalan uku duk suna nuna wa mai shiri wani zane: layi da ke farawa daga sama a hagu, yana gangarowa dama, yana nuna kashi nawa cikin waɗanda suka fara ne ke nan a kowane minti. A YouTube Studio sunansa Audience retention. Apple ya fara ba masu fodkas irin wannan zane tun watan Disambar 2017, a shafin da yanzu ake kira Apple Podcasts Connect. Spotify for Creators ma na da nasa. Hira ɗaya ke nan, amma layi biyu: na masu ji da kunne, da na masu kallon allo. Abin da zai gaya wa edita inda zai sa almakashi yana cikin bambancin da ke tsakaninsu.

Kafin a kwatanta su, sai an fahimci cewa waɗannan mutane biyu ba a hali ɗaya suke ba. Mai sauraron murya galibi hannunsa na kan wani abu. Yana tuƙi, ko tana girki, ko yana kan keken ɗinki, wayar na cikin aljihu. Shi ya nemi shirin da kansa, ko dai ya daɗe yana bin sa. Idan hirar ta ɗan yi sanyi ba zai tsaya ya wanke hannu ya ciro waya ba, zai haƙura har ta sake ɗaukar zafi. Mai kallo kuwa yatsansa na kan gilashi, ga wasu bidiyoyi jere a gefe suna kiransa, kuma sau da yawa bai ma nemi shirin ba, YouTube ne ya miƙo masa. A wayar da ba a biya kuɗin YouTube Premium ba, da zarar ya kulle allo sai bidiyon ya tsaya. A Kano ko Maraɗi ga kuma lissafin data, wanda bidiyon awa guda ke cinyewa ninkin-ba-ninkin abin da murya ke ci.

Saboda haka layin murya yakan gangara a hankali, layin bidiyo kuma yakan rikito tun a daƙiƙun farko, sannan ya ci gaba da zubewa. YouTube da kansa yana ware daƙiƙa 30 na farko ya ba su adadinsu daban, don ya san nan ne ake yawan tserewa. Wanda ya ajiye adadin biyu gefe da gefe ya ce murya ta fi bidiyo, bai gano komai ba, domin kusan kullum haka abin yake. Abin da ke da amfani shi ne nauyin kowane motsi. Tafiyar mai sauraro tana da tsada, don sai da ya katse abin da yake yi, don haka idan layin murya ya faɗi a wani wuri, hukunci ne mai ƙarfi. Zaman mai kallo shi ne mai tsada, don komai na jan sa ya tafi, don haka idan layin bidiyo ya miƙe bai sauka ba na minti biyu ko uku, wannan wurin ya yi abin da ba kowane wuri ke yi ba. Kuma mai kallon tsakure ɗan'uwan mai kallon allo ne, har ma ya fi shi gajen haƙuri.

Wani abu da ke rikita sababbin masu shiri shi ne adadin sauke shiri. Ƙa'idar da ƙungiyar masu talla ta IAB ta shimfiɗa tana ƙirga saukewa ne idan abin da ya kai minti ɗaya na shirin ya isa wayar mutum. Ba ta san ko ya ji ba. A 2023, da Apple ya canza yadda wayoyinsa ke sauke shirye-shirye da kansu a iOS 17, shirye-shirye da dama sun ga adadinsu ya ragu, alhali ba masu sauraro ne suka gudu ba, fayilolin da ba a taɓa buɗewa ba ne aka daina ƙirgawa. Wannan adadi ba shi da gurbi a wannan shawara. Abin nema shi ne lissafin da ya fito daga manhajar da mutum ya danna ya saurara. Apple, alal misali, yana kiran mutum Engaged Listener ne idan ya ji aƙalla minti 20 ko kashi 40 cikin 100 na fitowar.

A ɗauki misali, na ƙaddarawa ne, alƙalumansa don fahimta kawai aka sa su. Shiri ne na mako-mako, tsawonsa awa guda. Idan aka duba fitowa goma na baya, masu murya sukan ji kashi 70 cikin 100 na hirar, masu bidiyo kuma kashi 25. Wannan shi ne mizanin shirin, kuma da shi za a auna kowace fitowa. Editan na da lokacin yin tsakure daga fitowa ɗaya tak cikin biyu. Ta farko hira ce da wani dattijon ɗan kasuwa da ke ba da tarihin rayuwarsa: murya ta kai kashi 80, bidiyo ya tsaya a 21. Ta biyu da wani mai gyaran waya ce: murya ta sauka zuwa 62, bidiyo ya hau 31.

Wanda ya saba da rediyo zai ce ta dattijo ce ta yi nasara, kuma gaskiyarsa, a kunne ta yi. Amma a allo ta gaza mizani, ta mai gyaran waya ce ta wuce shi. Wannan ya isa a fara buɗe zanen fitowa ta biyu.

A layin murya, komai na tafiya daidai har minti 24 da rabi, inda mutum 72 cikin 100 ke nan. Zuwa minti 28 sun koma 60, kuma layin bai sake hawa ba. Wannan rashin hawan yana da muhimmanci. Idan layi ya yi rami ya dawo, mutane tsallakewa suka yi, kamar yadda ake yi wa talla da maɓallin nan na daƙiƙa 30. Idan ya sauka ya zauna a ƙasa, tafiya suka yi. A nan mutum 12 cikin 72 ne suka tafi, ɗaya cikin shida ke nan, cikin minti uku da rabi. Ga mutanen da ba sa son taɓa waya, wannan babbar ƙaura ce.

Sai a nemi wurin a bidiyo. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin agogon biyu ba lallai su zo ɗaya ba. Fayil ɗin murya na wannan shirin yana ɗauke da tallar daƙiƙa 90 a farko wadda babu ita a bidiyo, saboda haka minti 24 da rabi a murya shi ne minti 23 a bidiyo, minti 28 kuma ya zama 26 da rabi. Wasu shirye-shiryen ma na'ura ce ke cusa musu talla lokacin da ake saukewa, tsawonta na canzawa. Hanya mafi aminci ita ce a riƙe jimlar da aka faɗa a wurin, a nemo ta a ɗaya ɓangaren. Da aka daidaita, sai ga layin bidiyo ya tashi daga 33 zuwa 41 a daidai wannan tsakani, sannan ya dawo 32. Layi ba ya hawa sai idan wasu sun koma baya sun sake kallo, ko wasu sun yi tsalle sun diro nan kai tsaye.

Me ya faru a wurin? Baƙon ya ciro caja biyu daga jaka, ta asali da ta jabu, ya kwance su a kan tebur. Yana cewa “ka ga wannan”, “duba nan”, “to kwatanta da wancan”. Mai kallo yana ganin ɗaya cike da kayan ciki, ɗayar kusan fanko. Mai tuƙi a hanyar Zariya ba ya jin komai sai “wannan” da “wancan” da ƙarar sukurdireba. Abin da ya kori kunne shi ne ya riƙe ido. Wannan ne wurin da ya fi kowane cancantar tsakure: yana da abin gani tun daƙiƙar farko, ba ya buƙatar a san wane ne baƙon, kuma ya ƙare da amsar da mutum zai so ya tura wa ƙaninsa. Tun daga watan Oktoban 2024 YouTube Shorts ke karɓar bidiyo har na minti uku, don haka idan aka cire shiru da neman sukurdireba, minti uku da rabin zai shiga. Akwai kuma darasi na biyu a ciki, wanda ya shafi mai gabatarwa: da ya ce “ga masu saurare, yanzu ya buɗe caja biyu, ta hannun dama babu komai a cikinta”, da bai yi asarar mutum 12 ɗin nan ba.

Fitowar dattijon fa? A layin murya akwai shimfiɗaɗɗen wuri daga minti 30 zuwa 42, kusan babu wanda ya motsa. Nan ne yake ba da labarin gobarar da ta cinye shagonsa da yadda ya yi shekaru yana biyan bashi. Labari ne mai kama zuciya, kuma edita zai ji kamar zalunci ne a bar shi. Amma layin bidiyo ya ci gaba da gangara a wurin kamar kullum, domin a allo mutum ne zaune yana magana a natse, hoton bai canza ba. Ƙarfin labarin yana cikin taruwarsa ne. Minti na 41 yana sa hawaye ne saboda an ji na 31. Idan aka gutsuro daƙiƙa hamsin daga ciki, abin da zai fito shi ne wani tsoho da ba a sani ba yana cewa ya gode wa Allah, kuma mai zazzage waya zai wuce. Irin wannan wuri ko dai a fitar da shi cikakke, minti goma sha biyunsa, a matsayin bidiyo mai zaman kansa da take mai kyau, ko a bar shi inda yake aikinsa. Ba kowace hira mai kyau ce ke haifar da tsakure mai kyau ba, kuma wannan ba aibi ba ne a gare ta.

Inda layukan biyu suka miƙe tare, nan ma wurin dubawa ne, domin yawanci tambaya ce mai kaifi da amsa gajera. Inda suka faɗi tare kuwa, a wuce.

Akwai tarko a lissafin da ya kamata a sani. Layin bidiyo a ƙasa yake tafiya, don haka faɗuwarsa takan yi kama da ƙarama. Saukowa daga 75 zuwa 72 a murya, da saukowa daga 30 zuwa 27 a bidiyo, a ido duk maki uku ne. Amma na farko mutum ɗaya ne cikin ashirin da biyar na waɗanda ke nan, na biyu kuma ɗaya cikin goma. A riƙa raba waɗanda suka tafi da waɗanda suke nan a lokacin. Haka kuma miƙewar layi a minti na 50 ba ta kai ta minti na 8 daraja ba, domin waɗanda suka kai ƙarshen awa masoya ne na gani-kashe-ni, da wuya wani abu ya kore su. YouTube Studio yana bari a raba zanen tsakanin sababbin masu kallo da masu dawowa, kuma layin sababbin ne ya fi kama da mutanen da tsakure zai tarar.

Tudun da ke kan layin bidiyo ma ba kullum yake nufin daɗi ba. YouTube da kansa ya yi gargaɗi a bayaninsa cewa mutane kan koma baya saboda ba su gane abin da aka faɗa ba. Makirfo ya yi ƙara, ko baƙo ya ambaci lambar da aka so a rubuta, ko an raba bidiyon babi-babi mutane suna dira a farkon kowane babi, ko kuma ƙarshen talla ne inda masu tsallakewa ke sauka. Shi ya sa zanen ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Aikinsa ya rage awa guda zuwa wurare uku ko huɗu, sannan mutum ya zauna ya kalle su da idonsa. Gwaji mai sauƙi shi ne a kashe sauti a kalli daƙiƙa biyar na farko, sannan a ba wanda bai ga hirar ba ya kalla, a tambaye shi me ya fahimta.

Ga mai shiri da Hausa akwai wata iyaka ta daban. Alƙaluman Apple na masu amfani da manhajarsa ne kawai, alhali mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a a Najeriya da Nijar masu Android ne. Spotify bai shigo Najeriya ba sai a 2021. Fayil ɗin da aka sauke aka tura ta WhatsApp ko Xender kuwa babu zanen da ke ganin sa. Saboda haka layin murya na iya zama na mutum sittin kacal, wataƙila da yawansu mazauna ƙasashen waje, inda tafiyar mutum uku za ta yi kama da rugujewa. YouTube ma ba ya fitar da muhimman wuraren zanen sai bidiyo ya samu kallo 100, kuma alƙaluman kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin su daidaita. Idan masu murya kaɗan ne, kada a gina shawara a kan rami ɗaya. A nemi abin da ke maimaituwa a fitowa da yawa, a ba layin bidiyo rinjaye. A tuna kuma rabon bai cika tsafta ba: wani ya kunna YouTube a talabijin yana shara, kunnensa kawai ke aiki, wani kuma ya kunna bidiyon Spotify ya kulle waya ya sa a aljihu.

Abu ɗaya ne zanen ba zai taɓa nunawa ba, kuma shi ne ya fi nauyi. Wuraren da suka fi tudu sau da yawa su ne inda baƙo ya faɗi magana mai zafi a kan addini, ko aure, ko wani mutum. Idan ya ce “wasu na cewa” sannan ya kawo ra'ayin da shi kansa zai rushe bayan minti ɗaya, edita ya yanke daga tsakiya, an ɗora masa maganar da ba tasa ba. Guntun zai shiga zaurukan WhatsApp babu mahaɗin cikakkiyar hirar, kuma gyara ba ya bin sa can. Mutumin ya zo ne bisa amana, shi zai koma unguwarsu ya fuskanci jama'a. Tsakuren da ba zai iya ɗaukar sharaɗin maganar da ƙarshenta cikin lokacin da ake da shi ba, bai kamata ya fita ba, komai tsayin tudunsa.

Bayan an saki tsakuren cajar, sai a auna ko zaɓin ya yi daidai. Tun ranar 31 ga Maris 2025 YouTube ke ƙirga kallo a Shorts da zarar bidiyon ya fara motsi, ko da mutum ya wuce nan take, don haka babban adadin da ke ƙasan bidiyon ya rage ma'ana. Adadin da ke ƙarƙashin Engaged views ya fi kusa da gaskiya, haka ma rabon da ke nuna nawa suka tsaya, nawa suka ture. Idan an haɗa tsakuren da cikakkiyar hirar ta gurbin Related video, sai a koma alƙaluman hirar bayan mako guda a duba ko sababbin masu kallo sun ƙaru. A rubuta sakamakon kusa da siffar da layukan biyu suka nuna tun farko, a yi haka ga tsakure goma ko goma sha biyar, sannan a duba wace siffa ce ta fi kawo mutane ga cikakken shirin.